Tsanin rezistans marar ƙarshe: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan na tattara su ne daga bakin ɗaliban lise da ke shirin bak a Garwa da Marwa, da wasu 'yan jami'a a Ngaundere, da masu gyaran rediyo da caja da ke son sanin dalilin abin da mitarsu ke nuna musu. Yawancin lissafin da ke ƙasa an yi shi da rezistans mai om 1000, wato mai zoben ruwan ƙasa da baƙi da ja, domin ita ce ba a rasawa a teburin kowane mai gyara.

Yaya tsanin nan yake, kuma me ake nema a cikinsa?

Ka ɗauki waya biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. A ta sama ka sa rezistans a kwance. Daga inda ta ƙare ka sauko da wata a tsaye zuwa wayar ƙasa. Waɗannan biyun, ta kwance da ta tsaye, su ne gaɓa ɗaya. Sai ka ci gaba da jona gaɓa bayan gaɓa, duk da rezistans iri ɗaya, ba tsayawa.

```
A o--[R]--+--[R]--+--[R]--+-- ...
          |       |       |
         [R]     [R]     [R]
          |       |       |
B o-------+-------+-------+-- ...
```

Abin da ake nema shi ne turjiyar da za a gani tsakanin A da B, wato bakin tsanin. Za mu kira ta X, darajar kowace rezistans kuma R. Dokoki biyu kawai ake bukata, kuma kowane ɗalibi ya san su. Idan rezistans biyu suna jere, ɗaya bayan ɗaya, sai a tara su. Idan kuma suna kafaɗa da kafaɗa, ƙafafunsu biyu a haɗe, sai a ninka su a raba da jimlarsu. Wahalar ita ce an saba fara irin wannan lissafi daga gaɓar ƙarshe a dawo baki, ga shi kuwa wannan tsani ba shi da gaɓar ƙarshe.

To Malam, idan babu ƙarshe daga ina za a fara?

Daga baki. Ka sa hannu ka rufe gaɓar farko, ta kwance da ta tsayenta, ka dubi abin da ya saura. Tsani ne irin wanda ka fara da shi sak: ya fara da ta kwance, ta tsaye na biye, kuma shi ma ba shi da iyaka. Cire gaɓa ɗaya bai rage masa tsawo ba, tun da dama tsawonsa ba ya ƙirguwa. Saboda haka turjiyar abin da ya saura ita ma X ce.

Da zarar ka yarda da wannan, tsanin gaba ɗaya ya koma rezistans uku: ta kwance ta farko, sai ta tsaye ta farko kafaɗa da kafaɗa da wata rezistans guda mai daraja X wadda ta tsaya a madadin duk sauran.

```
X = R + (R·X)/(R + X)
X(R + X) = R(R + X) + R·X
X² − R·X − R² = 0
Δ = R² + 4R² = 5R²
X = R(1 + √5)/2   ko   X = R(1 − √5)/2
```

Tun da √5 kusan 2.236 ne, amsa ta farko ita ce 1.618R, ta biyu kuma −0.618R. Ta farkon ce ta tsaninmu. Da rezistans masu om 1000, bakin tsanin zai nuna om 1618.

Kada ka karɓa haka kawai, ka mayar da ita ciki ka gani. Om 1000 kafaɗa da kafaɗa da om 1618: ka ninka su ka samu 1618000, ka raba da 2618, ya ba ka 618. Ka ƙara 1000 ta kwance, ka dawo 1618. Abin da ka sa a baya shi ka samu a gaba, kuma wannan shi ne abin da lissafin ke faɗi.

Rezistans ba adadi, amma turjiya ba ta kai ko ninki biyu na guda ɗaya ba. Ta yaya?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini, kuma tana da hujja, domin mutum yana ganin kamar ƙara rezistans ƙara turjiya ne. Hakan gaskiya ne a jere kaɗai. A tsani, kowace sabuwar gaɓa sabuwar hanya ce da aka buɗe wa wuta a gefen hanyoyin da ke nan, kuma buɗe hanya ba ya ƙara turjiya, sai dai ya rage.

Tun kafin ka yi wani lissafi za ka iya killace amsar. Duk wutar da za ta shiga dole ta bi ta kwance ta farko, don haka X ba za ta gaza R ba. Bayan ta wuce, akwai ta tsaye ta farko da ke kai ta wayar ƙasa, kuma duk abin da aka jona a gefenta rage ta zai yi, don haka X ba za ta wuce 2R ba. Amsar tana tsakanin 1000 da 2000. Ɗalibin da ya fito da 500 ko 2500 a kan wannan zane ya san ya yi kuskure ba sai an gaya masa ba.

Me ya sa aka watsar da amsa ta biyu?

Gajeren dalili shi ne wanda muka faɗa yanzu: X tana tsakanin R da 2R, kuma −0.618R ba ta cikin wannan tazara. Rezistans ba ta haifar da wuta, cinye ta take yi ta mai da ita zafi, kuma duk yadda ka haɗa irinsu ba za ka samu turjiya ƙasa da sifili ba.

Akwai dalili na biyu da na fi so, domin yana nuna halin lissafin. Ka ɗauka da wata dabara ka samu abin da turjiyarsa −618 ce daidai wa daida, ka jona gaɓa a gabansa. A kan takarda za ka sake samun wannan adadin. Amma idan ka kauce masa da om ɗaya tak, gaɓa ta gaba za ta ninka kaucewar kusan sau bakwai, ta gaba ta sake ninkawa, har lissafin ya bar wurin gaba ɗaya ya gangaro ya zauna a 1618. Amsa ta farko jawo lissafi take yi zuwa gare ta, ta biyu kuwa korarsa take yi.

Ina da shakka. An ce "sauran ma X ne" tun ba a tabbatar akwai X ba. Wannan ba yaudara ba ce?

Shakkarka a kan hanya take, kuma wanda bai taɓa yin ta ba bai gama fahimtar dabarar ba. Lissafin da muka yi a sama yana cewa ne: idan akwai amsa mai iyaka, to dole ta zama ɗaya cikin biyun nan. Bai ce akwai ta ba. Ga misalin inda wannan dabara ke kai mutum rami. Ka jera rezistans a layi ɗaya ba ta tsaye ko ɗaya, kowace ninki biyu na ta bayanta: R, 2R, 4R, 8R, har abada. Idan ka rufe ta farko, sauran irin layin ne amma an ninka shi biyu. Sai ka rubuta S = R + 2S, ka samu S = −R. Kowane layi na lissafin daidai ne, amsar kuwa shirme ce, domin jimlar hauhawa take yi ba iyaka, babu wani S da za a yi lissafi da shi tun farko.

Saboda haka sai mun nuna cewa tsaninmu ba haka yake ba, kuma hanyar tana da sauƙi. Ka yanke tsanin bayan wasu gaɓoɓi. Wutsiyar da ka yar, ko mene ne darajarta, tana tsakanin abu biyu: ko a bar ƙarshen a buɗe, turjiya ba iyaka ke nan, ko a haɗe shi da guntun waya, turjiya sifili. Ƙara darajar wata rezistans a cikin haɗi ba ya taɓa rage jimlar haɗin, don haka ƙarshe a buɗe zai ba ka adadin da ya fi na gaskiya, ƙarshe a haɗe kuma zai ba ka wanda ya gaza shi. Amsar gaskiya tana matse a tsakani.

Bari mu lissafa. Da ƙarshe a buɗe, gaɓa ɗaya 2000 ce. Ka jona wata a gabanta: 1000 kafaɗa da 2000 ya ba da 667, da ta kwance 1667. Ta uku: 1000 kafaɗa da 1667 ya ba da 625, jimla 1625. Da ƙarshe a haɗe kuwa, wayar ta shafe ta tsaye ta ƙarshe, don haka gaɓa ɗaya 1000 ce, biyu 1500, uku 1600.

```
gaɓa   a buɗe    a haɗe
 1     2000      1000
 2     1666.7    1500
 3     1625      1600
 4     1619.0    1615.4
 5     1618.2    1617.6
 6     1618.06   1617.98
```

Ka dubi ratar da ke tsakanin layukan biyu. Ta fara da 1000, ta koma 167, ta koma 25, sannan ƙasa da 4, sannan kusan rabin om. Na sama na saukowa, na ƙasa na hawa, kuma ba su da wurin haɗuwa sai 1618. Wannan ne ya ba mu izinin cewa akwai X. Ya kuma gaya mana wani abu da ya fi amsar kanta amfani: bakin tsanin ba ya damuwa da abin da ke can nesa. Ka buɗe ƙarshen, ka haɗe shi, ka rataya masa duk rezistans da ka ga dama, bayan gaɓa biyar ko shida mita ba za ta ga bambanci ba.

A wurina, ɗalibin da ya rubuta lissafin Δ kaɗai ya yi rabin aiki. Wanda ya ƙara layi biyu ya nuna cewa amsar a matse take, shi ne ya warware tambayar.

Gaɓa nawa zan gina kafin in ce na kai "marar ƙarshe"?

Huɗu sun isa, rezistans takwas ke nan. Kuskuren da ke tsakanin tsani mai iyaka da amsar gaskiya yana raguwa kusan sau bakwai a kowace gaɓa, 6.85 idan ana son adadin: om 382, sai 49, sai 7, sai 1, sai 0.15. Ƙaramar mita a ma'aunin 2000 ba ta nuna abin da ya gaza om ɗaya, don haka daga gaɓa ta biyar zuwa sama ɓarnar dalma ce kawai.

Na lura 1666.7, 1625 da 1619 na jadawalin su ne 5/3, 13/8, 34/21 na om 1000. Waɗannan ba lambobin Fibonacci ba ne?

Su ne, kuma za ka ga daga inda suka fito idan ka bi tsanin daga baya da wuta da matsi maimakon turjiya. Ɗauki tsani mai gaɓa uku, ƙarshe a buɗe. Mu ce miliamfa 1 ke bi ta tsaye ta ƙarshe. Bisa dokar Ohm, a kan om 1000 wannan bolt 1 ne. Wannan miliamfa ɗayan ta biyo ta kwance ta uku, ta bar bolt 1 a kanta, don haka mahaɗar da ke baya tana da bolt 2. Ta tsayen da ke wurin za ta ja miliamfa 2. Ka tara da ɗayan da ta wuce gaba, miliamfa 3 ke bi ta kwance ta biyu, sun bar bolt 3, mahaɗa ta farko tana da bolt 5. Ta tsayenta ta ja miliamfa 5, da ukun can 8, sun bar bolt 8 a ta kwance ta farko, baki yana da bolt 13. Bolt 13 a raba da miliamfa 8 shi ne om 1625, daidai da abin da ke cikin jadawalin.

Lambobin da suka fito su ne 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, kowace jimlar biyun da suka gabace ta. Dalilin a fili yake: a kowace mahaɗa ana tara wuta biyu, a kowace ta kwance ana tara matsi biyu, dokokin Kirchhoff ke nan na 1845. Jerin lambobin ya samu sunansa daga Leonardo na garin Pisa, da ake kira Fibonacci, wanda ya kawo shi a littafinsa na lissafi a 1202, kuma an daɗe da sanin cewa idan aka raba kowace lamba da wadda ta gabace ta, amsar tana matsowa 1.618.

Wannan hanya ta bi daga baya tana da amfani ko a wajen wannan tambaya. Duk tsani mai iyaka, ko rezistans ɗinsa sun bambanta, ana warware shi haka da tarawa da ninkawa da rabawa kawai, ba sai an sha fama da haɗin kafaɗa ba.

Idan na jona batir, yaya wutar ke rabuwa?

Mu ɗauki batir mai bolt 9. Wutar da za ta shiga ita ce 9 a raba da 1618, wato miliamfa 5.56. Ta kwance ta farko za ta ɗauke bolt 5.56, mahaɗa ta farko ta rage da 3.44. Ta tsaye ta farko ta ja miliamfa 3.44 zuwa ƙasa, saura 2.12 su wuce gaba. Yanzu gaɓa ta biyu tana ganin abin da ta farko ta gani, sai dai da bolt 3.44 maimakon 9, don haka za ta yi rabo iri ɗaya. Kowace mahaɗa tana riƙe da 0.382 na matsin ta bayanta: 3.44, 1.31, 0.50, 0.19, 0.07.

Wanda ya taɓa ganin ban ruwa a gonakin albasa na wajen Marwa ya san yanayin: kowane fangali yana ɗibar rabonsa daga lambatu, abin da ya wuce gaba yana ta raguwa, na can ƙarshe ɗan tsiyaye ne ke isa gare shi.

Ta fuskar zafi abin ya fi fitowa. Batirin yana ba da miliwat 50. Ta kwance ta farko kaɗai ta cinye kusan 31, ta tsaye ta farko kusan 12, sauran tsanin duka, komai tsawonsa, yana raba miliwat 7 ne. Shi ya sa wutsiya ba ta da ta cewa a baki: wutar da ke kai wa gare ta ba ta taka kara ta karya ba.

Abokina ya samu 0.618R, wani kuma 2.73R. Waye ya yi daidai?

Mai yiwuwa dukkanku, in dai zanen da aka ba ku ya bambanta. A nan ne ɗalibai suka fi zubar da maki, domin sun haddace 1.618 suna rubuta shi kan kowane tsani.

Idan tsanin ya fara da ta tsaye tsakanin A da B, to R ce kafaɗa da kafaɗa da tsaninmu na 1.618R, amsa 0.618R. Idan kuma akwai rezistans a wayar ƙasa ma, kowace gaɓa tana da uku ke nan, ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ɗaya a tsaye. Wutar da ta bi ta sama ita za ta dawo ta ƙasa, don haka biyun suna tarawa:

```
X = 2R + (R·X)/(R + X)
X² − 2R·X − 2R² = 0
X = R(1 + √3) = 2.732R
```

Kafin ka rubuta komai, ka zagaye gaɓar da ke maimaituwa da biro, ka tabbatar abin da ya saura bayan ka rufe ta ya fara da irin rezistans da tsanin ya fara da ita. Idan ka yanke a tsakiyar gaɓa, abin da ya saura ba X ba ne.

Idan ta kwance da ta tsaye ba iri ɗaya ba ne fa?

Dabarar ba ta canza ba. Mu kira ta kwance a, ta tsaye b:

```
X = [a + √(a² + 4ab)] / 2
```

Idan b ninki biyu ne na a, abin da ke ƙarƙashin alamar ya zama 9a², X ta zama 2a cif, kuma matsi yana rabewa biyu a kowace mahaɗa: rabi, kwata, ɗaya bisa takwas. Wannan shi ne tsanin R-2R da ake amfani da shi wajen mai da lambobin kwamfuta su zama matsin wuta.

Amma akwai gargaɗi. Saurin zaman da muka gani a gaɓa huɗu ya samu ne saboda a da b ɗaya suke. Ka ɗauki doguwar waya siririya da aka ja daga batir mai bolt 12 zuwa rumfuna da yawa a jere, tsakanin rumfa da rumfa wayar tana da rabin om, zuwa da dawowa, kowace rumfa kuma tana da kaya mai om 48. Wannan ma tsani ne. Lissafin ya ba da X kusan om 5.2, kuma kowace rumfa tana samun 0.903 na matsin ta bayanta. Idan layin dogo ne sosai, rumfa ta biyar bolt 7.2 kawai za ta gani. A nan kuskuren yankewa yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai a kowace gaɓa, don haka rumfa huɗu ko biyar ba su kusa da "marar ƙarshe", sai a yi musu lissafin bi daga baya. Ƙwan fitila ma ba ya riƙe turjiya ɗaya idan matsi ya sauka, don haka a ɗauki waɗannan adadi a matsayin kwatance.

Na gina shi, mita ta nuna 1640. Na yi kuskure ne?

Ba lallai ba. Dubi zobe na huɗu. Idan ruwan zinariya ne, kowace rezistans tana iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari, daga 950 zuwa 1050. In duka suka kauce gefe ɗaya, tsanin zai iya nuna ko nawa daga 1537 zuwa 1699. Kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Idan ta kwance ta farko ta yi sama da om 50, baki zai yi sama da 50 ɗin duka. Irin wannan kaucewa a ta tsaye ta farko om 19 take kawowa, a ta kwance ta biyu 7, a ta tsaye ta biyu 3. Saboda haka ka auna rezistans ɗinka ɗaya bayan ɗaya kafin ka haɗa, ka sa waɗanda suka fi kusa da 1000 a gaɓar farko, maras kyau ka tura su baya.

Idan kuwa adadin ya yi nisa, shi da kansa zai nuna maka inda matsalar take. Mita ta nuna 1000: ta tsaye ta farko ta shafe, wataƙila dalma ta zubo ta haɗe mahaɗar da wayar ƙasa. Ta nuna 2000 ko kusa: ta kwance ta biyu ba ta kama ba, gaɓa ɗaya kawai kake aunawa. Kusan 2618: ƙafar ta tsaye ta farko ce a sake. Kusan 1724: ta tsaye ta biyu ce. Idan ka ga 618, tsanin lafiya yake, kai ne ka ɗora tsinken mita a mahaɗa ta farko maimakon A.

Wani abu da ke rikita masu ƙananan mitoci: a ma'aunin 2000 allon ba ya wuce 1999, don haka adadi irin 2000 ko 2618 ba zai fito ba, sai ka ga 1 ita kaɗai a gefen hagu kamar waya ta tsinke. Ka juya zuwa 20k ka sake dubawa. Kada ka auna turjiya alhali batir na jone. Kuma idan rezistans ɗinka manya ne, irin masu om 100000, ka cire yatsunka daga kan tsinken, domin jikinka zai shiga kafaɗa da kafaɗa da tsanin ya jawo adadin ƙasa, musamman da gumin watan Afrilu.

Akwai gwajin da zai nuna cewa wutsiyar da gaske daidai take da rezistans guda?

Akwai, kuma shi na fi so a yi a aji, domin yana nuna dabarar kanta ba amsar kaɗai ba. Ka jera om 1500 da om 120, ka samu 1620, kusa ƙwarai da 1618. Ka gina gaɓa ɗaya tak, ka jona wannan 1620 kafaɗa da kafaɗa da ta tsayenta. Mita za ta nuna kusan 1618, ba 2000 ba. Ka ƙara gaɓa ta biyu ka mayar da 1620 ƙarshe, adadin bai motsa ba. Ka ƙara ta uku, haka. Rezistans guda ta maye gurbin tsani marar iyaka, kuma daga baki babu yadda za a bambance su.

Wannan yana da alaƙa da om 75 da ake rubutawa a kan wayar dish?

Tunanin ɗaya ne, kayan ne suka bambanta. Ana kallon doguwar waya a matsayin tsani mai ƙananan gaɓoɓi ba adadi, kamar yadda Oliver Heaviside ya tsara lissafin wayar tangaraho a ƙarshen ƙarni na 19. A wayar dish, abin da ke kwance a kowace gaɓa halin naɗi ne, abin da ke tsaye kuma halin kondansa, kuma adadin da ke maimaita kansa daga gaɓa zuwa gaɓa shi ne om 75. Idan aka rufe ƙarshen wayar da na'ura mai om 75, sigina yana ganin kamar wayar ba ta ƙare ba, ya shige bai dawo ba, kamar yadda 1620 ta yi a gwajinmu. Idan aka bar ƙarshen a buɗe ko aka haɗe shi, siginar dawowa yake yi ya ɓata na bayansa.

Sai dai kada ka ɗora mita a kan wayar dish kana jiran 75. Mita da wutar batir marar juyawa take aunawa, kuma kondansa ba ya barin irin wannan wuta ta wuce, don haka tsakanin tsakiyar wayar da ragar da ke kewaye da ita za ka ga a buɗe. Idan ka ga ƙaramin adadi a waya da ba a jone take da komai ba, to silin raga ne ya taɓa tsakiya a wajen kan da aka ɗaura. Bambanci na biyu ya fi muhimmanci ga mai lissafi: naɗi da kondansa ba sa cinye wuta kamar rezistans, don haka wutsiya ba ta dusashewa da sauri, kuma hujjar matsewa tsakanin buɗe da haɗe da muka yi a sama ba ta aiki a wurin kai tsaye. Sai an sa ɗan asarar da kowace waya ta gaskiya ke da ita a cikin lissafin kafin a iya cewa tsanin yana da amsa guda.